Katin Ilisha da Bencin Makarfi

A shekarun da soja ke mulki aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, asibitin gwamnati ya koma wurin da za a duba ka, a rubuta maka takarda, ka tafi kemis ka nemo magani da kanka. A lokacin nan Matta Maiwada ta Nasarawan Doya tana da 'ya'ya biyu likitoci, abin da ko a birni ba kasafai ake gani ba. Amma in ka tsaya gaisawa da ita a ƙofar coci, labarin ɗaya za ka sha.

"Ilisha nawa ya zo da mota. Ilisha nawa an kira shi Legas."

In ka ce, ina Istifanus fa? Sai ta ce, "Yana nan lafiya, yana Ikara," kamar an tambaye ta ina ta ajiye turmi.

Istifanus shi ne babba. Shi ya goyi Ilisha, shi ya kama masa hannu ya koya masa rubutu a ƙasa da tsinke. Yanzu shi ke kula da ƙananan asibitoci daga Ikara zuwa Makarfi har Kudan, yana zagayawa a kan tsohon babur, don motar ofis ta daɗe a kan duwatsu ana jiran taya. Ilisha kuwa yana wani babban asibiti a birni, inda ake koyar da ɗalibai. Ba su taɓa faɗa ba. Sai dai duk ranar da aka ambaci sunan ƙanin, tuwon wan ba ya wucewa da daɗi. Matarsa Judith ta san haka, shi ma ya san ta sani.

To, sai Ilisha ya ƙirƙiro wani gwaji na zazzaɓin taifot. Da ma hanyar da ake tabbatar da taifot ita ce a ɗebi jini a zuba a wata kwalba ta musamman, a ajiye a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro. Abin na ɗaukar kwanaki, kwalaben kuma sun yi wuya. Gwajin Ilisha kuwa ɗan kati ne. A ɗiga ruwan jini, a ɗiga wani magani, a jujjuya. In ya guntse kamar nonon da ya yi tsami, an ce taifot ne. Mujallar likitoci ta buga bayaninsa. A ciki an ce cikin masu taifot ɗari katin ya kama casa'in da biyar, cikin marasa shi ɗari ya wanke casa'in da bakwai.

Kantoma, wanda soja suka ɗora a kan ƙaramar hukuma, da ya ji ɗan yanki ne ya yi wannan aiki, sai ya ce lalle a nan za a fara amfani da katin kafin ko'ina. Ya aiko wa Istifanus da mujallar, ya ce ya duba ya ba da shawara a taron da za a yi.

Istifanus ya baje takardun a kan tabarma ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Judith tana tsintar shinkafa a gefe.

"Maigida, karatu kake ko farauta?"

"Aikin ofis ne."

"Aikin ofis da fensir biyu? Wancan rahoton allurar rigakafi a tsaye ka sa masa hannu, kana cin gyaɗa."

Ya sake lissafin tun daga farko, lissafi ya fito daidai. Ya duba ko an tabbatar da masu cutar ta hanyar kwalba, an tabbatar. Ya duba ko wanda ya karanta katin ya san amsar tun da farko, don mutum in ya san amsa idonsa kan ga abin da yake so. Ashe Ilisha ya ɓoye sunaye, ya ba kowane jini lamba. Yaron nan bai bar ƙofa ko ɗaya ba. Istifanus ya naɗe takardun, ransa a jagule, ya ce kansa ke ciwo.

Ranar kasuwar Makarfi ita ce ranar da ya fi ganin mutane, don kowa kan haɗa cefane da ganin likita. Damina ta fara. Dogon bencin da ke barandar ɗakin shan magani ya cika, wasu na zaune a ƙasa. Akwai Adama, wata mata daga Dandamisa, jikinta zafi tun shekaranjiya, kai na sarawa. Akwai Lado, dattijo manomin rake, wanda ya riga ya sha kafso na kemis 'yan ƙwayoyi, ya ɗan ji dama, ciwo ya dawo. Akwai masu gudawa, masu tari, masu ciwon gaɓoɓi, kowa dai da zazzaɓi. Istifanus ya leƙo ya dube su, yana tunanin wa zai fara ɗiga wa katin ƙaninsa in an kawo. A nan tambayar ta faɗo masa. Shin a cikin waɗanda Ilisha ya gwada, akwai ko mutum ɗaya mai kama da mutanen bencin nan?

Da ya koma gida ko hula bai cire ba ya buɗe shafin da ya yi ta tsallakewa, wurin da aka faɗi su wa aka gwada. Layi biyu ne kawai. Masu cutar, an ce marasa lafiya ne da aka kwantar. Marasa cutar, an ce manya ne da ba su da taifot. Daga ina aka samo su, ba a faɗa ba.

Ba a daɗe ba aka yi suna a gidan kawunsu a Nasarawan Doya, 'yan'uwan biyu suka haɗu. Ilisha ya durƙusa ya gaida wansa yadda ya saba, ya tambayi Judith da yara da gajiyar hanya. Matta ta kawo musu dambu a kwano ɗaya, ta tura wajen da naman ya fi yawa gaban Ilisha. Istifanus ya gani.

"Na karanta aikinka," in ji shi. "Ka yi ƙoƙari."

Fuskar Ilisha ta washe. "Yaya, da gaske? Na yi ta jiran in ji daga bakinka."

"Masu taifot ɗin nan, a ina ka same su?"

"A ɗakin kwanciya. Ai ka san yadda muke. Kwalaben da aka ba ni kaɗan ne, ba zan ɓata su a kan wanda nake shakka ba. Sai wanda na ga alamu sun cika."

"Sun daɗe da ciwon ke nan."

"Wa ke zuwa mana da wuri? Sai an gama da kemis da mai saiwa, an shiga mako na biyu ko na uku, a kawo mana mutum a kwance."

"Marasa cutar fa?"

Ilisha ya yi dariya. "Ɗalibaina. Su da 'yan makarantar nas. Lafiyarsu lau, ba sai na kashe musu kwalba ba. Lemo kawai na saya musu."

Istifanus ya kai loma baki ya tauna a hankali. Rabon da dambu ya yi masa daɗi haka ya manta. Ya ce, "Allah ya ƙara basira," bai ƙara ko kalma ba.

A hanyar komawa, Judith na bayansa a kan babur, ya kasa riƙe abin. Ya yi ta bayani yana ɗaga murya saboda iska. Katin ba ƙwayar cutar yake gani ba, abin da jini ke ƙerawa don yaƙarta yake gani, wannan kuwa ba ya yawa sai ciwo ya kwana biyu a jiki. Wanda ya zo da wuri, katin zai iya cewa lafiyarsa lau. Sannan mutumin ƙauye da ya tashi yana shan ruwan rafi ya sha haɗuwa da ƙwayar ko danginta, jininsa na ɗauke da tsohon tabo, zazzaɓin sauro ma kan iya tayar da shi. Irin wannan, katin zai iya cewa taifot ne alhali ba shi ba ne.

"Ya ɗauko wanda ke bakin mutuwa ya ajiye kusa da ɗan makaranta mai buga ƙwallo," in ji shi. "Wannan ko Mama za ta bambance su, ba sai da kati ba. Ni abin da nake so a raba mini shi ne mai taifot da mai zazzaɓin sauro, dukansu suna rawar sanyi a benci ɗaya."

"Ka faɗa masa?"

"Zan faɗa a taro."

"A gaban Kantoma? Kuna kwano ɗaya ɗazu fa."

"Kantoma ne ya tambaye ni."

Suka wuce wata gada. Sannan Judith ta ce, "Maganarka gaskiya ce, na yarda. Murnar da ke muryarka ce ba ta yi mini ba."

Ranar taro aka jera kujeru a zauren sakatariya a Ikara. Ga Kantoma, ga shugabannin sassa, ga wakilan hakimai. Ilisha ya zo da farar riga da akwatin katuna, ya yi bayani, aka tafa. Kantoma ya juyo ya ce, "Likita babba, mu ji daga gare ka. Ko da yake mun san ba za ka kushe na gida ba."

Istifanus ya miƙe. Ya kwana biyu yana shirya maganar, ta kuwa fito a tsare. Ya faɗi su wa aka gwada, ya faɗi su wa ke zuwa Makarfi da Kudan. Ya ce casa'in da biyar ɗin nan gaskiya ce, amma gaskiyar ɗakin kwanciya ce da ajin ɗalibai, babu wanda ya san abin da katin zai yi a ƙauye. Ya ce maganin taifot da ke sito kaɗan ne, kuma ba alewa ba ne, yana da illa. In katin ya nuna ƙarya, za a ƙarar da shi a kan masu zazzaɓin sauro, a sallami mai taifot na gaske ya tafi gida hanjinsa ya huje. Da ya tsaya nan da ya yi kyau. Sai ya ƙara da cewa, "Wanda bai taɓa zama a ɗakin shan magani na ƙauye ba, ba zai san wannan ba."

Kantoma ya gyara zama ya yi murmushi.

"Likita, Turawa sun duba wannan aiki sun buga. Kai kuma ka ga abin da ba su gani ba." Ya dubi jama'a. "Ni ma ina da ƙane, ya riga ni gina gidan bene. Na san yadda abin yake."

Aka kwashe da dariya. Abin da ya fi ci wa Istifanus rai shi ne, ba ƙarya Kantoma ya yi ba.

Ilisha bai yi dariya ba. Ya rufe akwatinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata da rabon katin. Tunda Yaya ya zaɓi ya faɗa mini a nan, a nan zan ba shi amsa. A ba ni daminar nan. Duk wanda ya shigo Makarfi da zazzaɓi, ba zaɓe, ba tsallake, a yi masa kati a kuma yi masa kwalba. Kwalaben da na tanada don aikina na gaba zan kawo. Yaya ya yi wa mutanensa magani yadda ya saba, kada ya ga amsar katin sai an gama. In katin ya ci wannan gwaji, ina so ya maimaita maganarsa a wannan zaure."

"Na yarda," in ji Istifanus.

Labari ya riga su isa Nasarawan Doya. Matta ta hau motar kasuwa ta zo Ikara, ta ƙi zama a kujera.

"Kai da ka goye shi, kai ne za ka tsaya gaban hukuma ka tozarta shi?"

"Mama, maganar aiki ce."

"Maganar aiki ba ta da ɗaki? Sai zaure?"

Judith ta kawo wa surukarta ruwa, ta bi ta gefen mijinta ba ta dube shi ba.

Haka daminar ta tafi. Ana ɗibar jini a Makarfi, wani ma'aikacin ɗakin gwaji yana karanta katin a wani ɗaki daban, kwalabe kuma direban da ke zuwa birni yana kai su a ranar. 'Yan'uwan ba sa magana sai gaisuwa. Istifanus ya rame. Wata rana ya tashi da tabbacin shi ke da gaskiya, wata rana ya tuna cewa Ilisha bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba tun yana firamare. Har ya kama kansa yana fatan katin ya gaza, ya tuna cewa gazawar katin ba alheri ba ce ga Adama da Lado da ire-irensu, ya ji kunya. Kunyar ba ta hana shi sake fatan ba washegari.

Da aka fara yankan gero, motar Ilisha ta tsaya a ƙofar gidan Istifanus da hantsi. Ya shigo ya gaisa, ya ƙi shayi, ya zauna a bakin tabarma.

"Cikin waɗanda kwalba ta tabbatar, katin ya kama rabi da 'yan kai. Waɗanda suka zo da wuri, yawanci ya wuce su. Cikin marasa shi kuwa, ya ɗora wa kusan ɗaya cikin uku."

"Kwalba ma takan kuskure," in ji Istifanus, don yana so ya ji ƙarshen abin. "Musamman wanda ya riga ya sha kafso."

"Da wannan na yi ta lallashin kaina. Sai na bi su ɗaya ɗaya. Yawancinsu an ga ƙwayar zazzaɓin sauro a jininsu, ka ba su kulorokwin, sun warke sun koma gona. Kuma da yake masu taifot kaɗan ne a bencinka, duk goman da katin ya ce suna da shi, wajen takwas ba su da shi." Ya shafa fuska. "Yaya, ka yi gaskiya."

Shekaru Istifanus ya yi yana jiran waɗannan kalmomi. Ya saurara ya ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Ya motsa, amma ɗan kaɗan, bai kai yadda ya zata ba.

"Ni zan faɗa wa Kantoma da bakina," in ji Ilisha. "Kuma zan rubuta wa mujallar, da sunanka da nawa."

Aka sake taruwa a zauren nan. Istifanus ya sa babbar rigarsa ta Kirsimeti, ya zauna a gaba. Ilisha ya tashi ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce ya gwada katinsa a kan mutanen da ba sa bukatar gwaji, ya ce wansa ne ya gano, ya ce kada a raba katin sai ya gyara shi ya sake gwadawa a kan irin mutanen da za a yi wa amfani da shi. Kun san akwai mutanen da ko faɗuwa suka yi, da kyau suke faɗuwa. Zauren ya tafa fiye da na farko. Kantoma ya taso ya riƙe hannun Ilisha da hannu biyu.

"Wannan shi ne ɗan halak. Mutum ya rushe aikinsa da kansa saboda talakawa." Sannan ya waiwayo. "Likita babba, kai ma an gode. Amma ka riƙa koyi da ƙaninka wajen sanyin zuciya."

Istifanus ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya haɗiye sauran.

A waje Istifanus yana ta buga babur, babur ɗin yana ƙin tashi, Ilisha ya zo ya tsaya kusa da shi. Mutane na wucewa suna miƙo wa Ilisha hannu, shi kuma wan suna ɗaga masa hannu daga nesa.

"Yaya, in tambaye ka wani abu?"

"Tambayi."

"Da wani baƙo ne ya rubuta takardar nan, da ka bi ta layi layi haka?"

Istifanus ya daina buga babur ɗin. Ya dubi ƙaninsa, ya ga ba tsokana yake ba.

"A'a. Da na sa hannu na wuce."

"Na sani. Manyan malamai uku suka karanta ta, duk suna sona, babu wanda ya tambaye ni su wa na gwada." Ya buɗe jakarsa ya zaro wasu takardu. "Wannan sabon aiki ne, kan ƙarancin jini ga masu ciki. Ban nuna wa kowa ba. Daga yau duk abin da na rubuta kai za ka fara gani, don babu mai neman laifina da zuciya ɗaya kamarka."

"Zagi ne wannan ko yabo?"

"Ka ɗauki wanda ya yi maka."

Istifanus ya goge hannu a jikin babbar rigar, ya karɓa. Ya buɗe shafin farko a nan tsaye cikin rana. Rubutun ya tsaru, tunanin ya yi kyau, irin wanda shi bai taɓa kawowa a ransa ba, ya ji tsohon kishin nan ya taso masa. Ya lashi yatsa ya juya shafi.

"Masu cikin nan," in ji shi, "na ina ne?"

"Na asibitinmu."

"Matan ma'aikata ke nan, masu cin ƙwai." Ya naɗe takardun ya cusa a aljihu. "Tura mini babur ɗin nan. Ka zo Kudan ranar awo, ka ga masu ciki."

Ilisha ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya kama bayan babur ɗin ya fara turawa.